Kafin a zuba kankare: wa ke dubawa, ina ake tsayawa, wa ke sa hannu?

Duk lokacin da bene ya rufta, tambayar da ke yawo a bakin jama'a ɗaya ce: shin babu wanda ya duba aikin ne? An yi ta a Nuwamban 2021 da bene mai hawa 21 ya faɗi a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya kashe sama da mutum 40, an sake yin ta a Agustan 2022 da ginin da ake kan yi a titin Beirut a Kano ya rushe. Amsar da aka fi ji ita ce siminti ne marar kyau, ko rodi ne na bogi, ko kuwa ba a karɓi izinin gini ba. Duk suna faruwa. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba: gini yana iya samun zane mai kyau, da izinin hukuma, da kaya masu inganci, ya kuma lalace cikin wuni guda, ranar da aka zuba kankare a kan rodin da ba wanda ya auna. Daga wannan rana rodin ya ɓuya ke nan har abada. Takardar da aka ƙirƙira don hana haka ita ce jadawalin duba da gwaji, wanda ake rubuta wa ITP a saman fam.

## Mene ne wannan jadawali?

Tebur ne da ɗan kwangila ke tsarawa, injiniyan da ke kula da aikin ya amince da shi tun kafin a fara. Kowane layi aiki ɗaya ne, misali ɗaurin rodin dekin. A gabansa ana rubuta abin da za a auna, da abin da za a auna shi da shi, da lambar zanen da za a kwatanta, da iyakar kuskuren da za a yarda da ita, da wanda zai duba, da takardar da za ta zama shaida. Iyakokin ba daga ka ake ɗauko su ba. Suna fitowa daga zanen injiniya da ƙa'idar aikin, wadda a Najeriya yawanci ke jingina da BS 8110 ko EN 1992 wajen lissafi, da BS EN 13670 wajen aiwatarwa.

Ginshiƙin ƙarshe na teburin shi ne mai nauyi, domin a nan ake sa harafi. R na nufin duba takarda kawai, kamar sakamakon gwajin rodi. W wurin shaida ne: ɗan kwangila zai sanar da injiniya a kan lokaci, idan bai zo ba aiki ya ci gaba. H kuwa wurin tsayawa ne na dole: ko injiniya ya zo ko bai zo ba, aiki ba zai wuce nan ba sai da sa hannunsa a rubuce. Mutane da yawa a wurin gini suna ɗaukar W da H abu ɗaya, suna cewa ai mun kira shi bai ɗauka ba. A wurin H rashin ɗaukar waya ba izini ba ne.

Ba kowane mataki ake sa wa H ba. Jadawalin da ya cika da H kamar wanda ba shi da ko ɗaya ne, don ba za a iya bin sa ba, sai a koma sa hannu a ofis bayan an gama. Ana ajiye H ne ga matakin da idan aka wuce shi ba a iya komawa sai da guduma.

Don kada magana ta tsaya a iska, mu ɗauki dekin hawa na farko na bene a Kano: faɗi mita 12, tsawo mita 15, kauri milimita 150, da baranda mai leƙowa waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Dekin kaɗai zai ci kankare mita kubik 27, bim-bim ɗinsa su ci kamar 6, jimla 33. Zane ya nemi kankare mai ƙarfin 25 a gwajin kiyub, wato ɗan dunƙulen kankare da ake matsewa a inji har ya fashe don a san ƙarfinsa. Irin wannan aiki H huɗu sun ishe shi: amincewa da kaya da haɗin kankare, rodi, izinin zubawa, da cire matokarai.

## Tsayawa ta farko: kaya, tun kafin a yanka rodi

Rodi ana sayen sa da suna, sha biyu ko sha shida, amma abin da ke ɗaukar nauyi shi ne ainihin kaurinsa. Auna kauri da ma'auni yana yaudara saboda zanen da ke jikin rodin, don haka sikeli ya fi gaskiya. Lissafin nauyin mita ɗaya a kilo shi ne d²/162. Mai milimita 12 ya kamata mita ɗaya ta kai kilo 0.888, wato sanda mai tsawon mita 12 ta yi kusan kilo 10.7. BS 4449 ta yarda da bambancin kashi 4.5 cikin ɗari sama ko ƙasa ga irin wannan kauri. Idan aka yanko mita ɗaya aka ɗora ta nuna kilo 0.75, to mai milimita 11 aka kawo da sunan 12. Milimita ɗaya ba ta da yawa a ido, amma faɗin cikin ƙarfen ya sauko daga 113 zuwa 95 a murabba'in milimita, an rasa kashi 16 cikin ɗari na ƙarfen da injiniya ya lissafa. Bayan sikeli sai a aika gutsattsari daga kowane kauri zuwa ɗakin gwaji a ja su har su tsinke, a ga ko sun kai ƙarfin da zane ya rubuta, 460 ne ko 500, a kuma lanƙwasa a ga ko suna tsagewa.

Sai haɗin kankare. Al'adar wurarenmu ita ce 1:2:4, buhu ɗaya, kwano huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, kuma ana ɗauka ya isa komai. Bai isa a dogara da shi ba inda aka nemi 25, musamman idan simintin mai lamba 32.5 ne ba 42.5 ba, ko yashin yana da laka. Abin da jadawali ke nema shi ne haɗin gwaji: a kwaɓa da ainihin yashi da tsakuwa da simintin da za a yi aiki da su, a yi kiyub, a fasa, a tabbatar. Wannan yana cin kwana 28, shi ya sa dole a fara shi tun ana haƙa tushe. A misalinmu a ce an amince da kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7, da ruwa lita 25 ga kowane buhu, har da danshin da ke cikin yashi.

## Katako da matokarai

A jadawali da yawa katakon da ake zuba kankare a ciki W ake ba shi, sannan a sake duba shi a izinin zubawa. Abin da ake mantawa shi ne nauyin ɗanyen kankare. Mita kubik ɗaya tana kai kilo 2,400, don haka dekinmu zai ɗora kilo 360 a kan kowace murabba'in mita, ban da leburori da baro da tarin kankaren da ake juyewa wuri ɗaya kafin a baje. Gaba ɗaya kusan tan 79 ne za su zauna a kan gora ko matokaran ƙarfe kafin kankaren ya iya ɗaukar ko da nauyin kansa. Shi ya sa haɗurra da yawa ke faruwa ana tsakiyar zubawa.

Mai dubawa ya shiga ƙarƙashi, kada ya tsaya a sama. Zai ga ko kowane matokari a tsaye yake sak, ko yana zaune a kan katako mai faɗi ko kuwa a kan cikon ƙasa da ruwan sama zai tausasa, ko an tallafe shi da tsinin katako biyu ko an ɗora shi a kan tarin bulo. Bulo a ƙarƙashin matokari dalili ne na ƙin sa hannu. Haka gora biyu da aka haɗa da ƙusa don tsawo bai kai ba. Sannan a ga an ɗaure matokaran da juna a kwance da a karkace ta ɓangarori biyu, domin dogon matokari ba karyewa yake fara yi ba, gefe yake lanƙwasawa. Daga sama kuma a auna daidaiton shimfiɗa da na'ura, a auna faɗi da zurfin bim, a toshe ɓarakar da ruwan siminti zai tsiyaye. In ya tsiyaye, abin da za a gani bayan cire katako shi ne tsakuwa tsirara da ramuka.

## Tsayawa ta biyu: rodi

A nan ake ɓata lokaci mafi yawa, kuma ya cancanta. Tsarin shi ne ma'aikacin ɗan kwangila ya fara dubawa da kansa ya cike fam, sannan a ba injiniya sanarwa, yawanci ta awa 24. Injiniya bai kamata ya zama mutum na farko da ya ɗora tef a kan rodin ba.

Ana farawa da lambar zane, a tabbatar shi ne na ƙarshe da aka gyara. Daga nan ƙidaya. Idan zane ya ce Y12 @ 200 c/c, wato rodi mai milimita 12 a tazarar milimita 200, hanya mafi sauri ita ce a shimfiɗa tef na mita biyu a ƙirga: a sami tazara goma. Idan takwas aka samu, an buɗa zuwa 250, an cire kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfen ba tare da ido ya lura ba. A bim ana ƙirga sandunan sama da na ƙasa, a duba ringi, wato zoben rodi da ke ɗaure sandunan, musamman kusa da ginshiƙi inda zane ke matse su. Mai ɗaurin rodi yakan raba ringi daidai wa daida daga farko zuwa ƙarshe don ya fi sauƙi, alhali kusa da ginshiƙi ne bim ke tsagewa a karkace.

Inda sanda biyu suka haɗu, dole su goyi juna da tsawon da zane ya faɗa. Zane da yawa suna sa ninki 50 na kauri: milimita 600 ga mai 12, da 800 ga mai 16. Kuma ba a tara duk haɗin a layi ɗaya.

Sai tazarar da ke tsakanin rodi da katako, wadda kankare zai cike ya kare ƙarfen daga tsatsa da wuta. A dekinmu milimita 25 ce. Ana samar da ita da biskit, ɗan dunƙulen siminti da aka yi da kaurin da ake so aka kuma bari ya yi ƙarfi. Gutsuren bulo ko tsakuwa ko katako ba biskit ba ne. Haka nan dabarar nan ta ɗaga rodi da ƙugiya ana cikin zubawa ba abin yarda ba ce, don ba wanda ya san inda ya tsaya. Dekin da aka gani bayan 'yan shekaru yana zubar da ɓawo daga ƙasa, jan rodi ya bayyana, yawanci a nan aka cuce shi.

Baranda ta fi kowane wuri haɗari. A tsakiyar ɗaki ƙarfen da ke aiki yana ƙasa, amma a baranda mai leƙowa yana sama, kuma dole ya shige cikin dekin da tsawon da zane ya ce. A kaurin 150, idan aka cire 25 na tazara da rabin kaurin sanda, tsakiyar ƙarfen tana milimita 119 daga ƙasa. Idan babu isassun kujerun rodi, leburori suka tattake shi ya sauka da milimita 40, saura 79. Ƙarfin barandar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma duk rodin da aka saya yana ciki, ba a saci ko sanda ɗaya ba. Saboda haka fam ya kamata ya nemi tazarar kujeru, da allunan takawa da za a shimfiɗa don baro.

Mai aikin lantarki da mai famfo su ma suna da gurbin sa hannu. Bututunsu su shiga kafin injiniya ya duba, ba bayan ya tafi ba, domin wanda ya zo daga baya shi ne ke yanke sanda don bututunsa ya wuce.

## Tsayawa ta uku: izinin zubawa

Wannan takarda ce guda da ke tattara komai, kuma tana da ranar ƙarewa. Idan aka sa hannu aka kwana biyu ba a zuba ba, ko aka yi ruwan sama, sai a sake dubawa. Tana tambayar ko an gyara duk abin da aka lissafa a duban rodi, ko an share tarkacen katako da waya daga cikin bim, ko siminti da ruwa sun isa, ko akwai injin girgiza kankare da na ko-ta-kwana.

Akwai lissafi ɗaya da ke tona shirin da bai nuna ba. Mita kubik 33 sau buhu 7 ya ba da buhu 231. Injin kwaɓa mai cin buhu ɗaya, in yana juyewa duk minti huɗu, zai yi sama da awa 15. Ma'ana da inji ɗaya dare zai yi, mutane su gaji, kankaren farko ya daskare kafin na kusa da shi ya iso, a sami gaɓar da ba ta kama ba. Ko dai a kawo inji biyu, ko injiniya ya nuna tun farko inda za a yanke aiki a kafa allo a tsaye. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin Kano ke haura digiri 40, takardar ta faɗi lokacin farawa, don ƙa'idoji da yawa ba sa yarda zafin ɗanyen kankare ya wuce digiri 30 zuwa 32. Da asuba ake farawa, a jiƙa tsakuwa da katako.

## Ana cikin zubawa

Wannan W ne, amma wanda ya san aiki ba ya barin wurin. Babban abin da ake gadi shi ne ruwa. Lebura yana son kankare mai gudu don ya fi sauƙin bajewa, kuma kowace ƙarin lita tana rage ƙarfi. Jarkar lita 25 a gefen inji ta fi tiyo a hannun yaro. Ana gane yawan ruwa da gwajin mazurari: ƙarfe ne mai tsawon milimita 300, faɗin ƙasansa 200, na sama 100. A cika shi hawa uku, kowane hawa a soka sanda sau 25, a zare shi sama a hankali, a auna yadda kankaren ya zauna. Idan an amince da 50 zuwa 90 aka sami 160, wannan kwaɓin ba ya hawa sama.

Kiyub kuma daga kankaren da ke shiga dekin ake ɗiba, ba daga kwaɓi na musamman da aka ƙara wa siminti don injiniya ba. Wannan yaudara ce sananniya, kuma maganinta shi ne mai shaida ya zaɓi kwaɓin da kansa ba tare da sanarwa ba. Ana cika akwati mai milimita 150 hawa-hawa ana dannawa, a rubuta rana da wurin da kankaren ya shiga, a cire bayan kwana ɗaya a tsoma a ruwa. Shida ake yawan yi a kowane ɗiba, uku na kwana 7, uku na kwana 28.

Injin girgiza ana soka shi a tsaye, daƙiƙa 5 zuwa 15 har kumfa ta daina fitowa, a zare a hankali, a matsa kamar rabin mita. Ba a jan kankare da shi daga wuri zuwa wuri. Kafinta ɗaya ya zauna a gefen ƙasa yana kallon matokarai, ba wanda zai shiga ƙarƙashi. Da yamma a ƙirga buhunan da aka zazzage. Idan 180 aka samu maimakon kusan 231, ba sai an jira ɗakin gwaji ba kafin a san akwai magana.

Ba wa kankare ruwa layi ne mai zaman kansa a jadawali, aƙalla kwana 7, da buhunan algarara jiƙaƙƙu ko leda ko a tare ruwa a kai. Lokacin hunturu ya fi yaudara: ba zafi, amma busasshiyar iska tana shanye ruwan saman cikin awanni kaɗan, a wayi gari da tsagu.

## Tsayawa ta huɗu: cire matokarai, da abin da kiyub ya ce

Kiyub mai ƙarfin 25 zai ɗauki kimanin kilonutan 562 kafin ya fashe. A kwana 7 ana sa ran kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin, wato 16 zuwa 17. Idan aka ga 11, gargaɗi ne: kada a cire matokari, kada a ɗora bulo a sama.

BS 8110 ta ba da mafi ƙarancin lokaci a yanayi mai ɗumi: awa 12 ga katakon gefen ginshiƙi da bim, kwana 4 ga allon ƙarƙashin dekin idan matokarai na nan, kwana 10 ga matokaran dekin, 14 ga na bim. A wurarenmu an saba da kwana 21, kuma ba laifi ba ne, amma ƙidayar kwana ba ta maye gurbin sakamakon gwaji. Dekin da za a kafa wa matokaran hawa na gaba a kai yana buƙatar nasa su zauna har injiniya ya ce a cire.

Idan sakamakon kwana 28 ya gaza, ana buɗe takardar rashin cika ƙa'ida, wadda ake kira NCR. Ba rushewa ake fara yi ba. Ana gwada jikin ginin da gudumar gwaji a gano wurare masu rauni, a huda a ciro gutsuren kankare a fasa, injiniya ya sake lissafi da ƙarfin da aka samu. Daga nan ne za a san ko a karɓa, ko a ƙarfafa, ko a fasa. A batun Ikoyi, jaridu sun buga wasiƙar da injiniyoyin da suka fara kula da ginin suka rubuta a Fabrairun 2020 suna janyewa, kuma cikin abin da suka ambata har da cewa ba su da sakamakon gwajin kiyub na matakan aikin.

## Inda ake jayayya, da abin da ya shafi mai gida

Ƙorafin ɗan kwangila yana da tushe. Ya tara leburori talatin, ya yi hayar inji, injiniya bai zo ba, asarar wunin a kansa take. Shi ya sa jadawali mai adalci ke ɗaure ɓangarori biyu: awa nawa za a ba da sanarwa, awa nawa injiniya ke da su ya amsa, da wanda zai wakilce shi in ba ya nan. Injiniya kuma yakan ce ana kiran sa ne inji na ruri, motar tsakuwa ta juye, duk wanda ya ce a tsaya ya zama maƙiyin aiki. Gaskiya ne, kuma dalilin ke nan da ya sa bai kamata ɗan kwangila ne ke biyan wanda ke duba shi ba.

A ganina fam ɗin da aka cike da alamar daidai daga sama har ƙasa ba shi da amfani. Wanda ya rubuta tazara 205, biskit 25, goyo 620, da hoton tef a kan rodi, da suna da rana da awa, shi ne shaida. Wanda zai saki H ya zama injiniya mai rajista da COREN, aikin ginin kuma yana hannun magini mai rajista da CORBON. Izinin hukumar tsara birni, irin KNUPDA a Kano, abu ne daban, ba ya maye gurbin wannan duba na yau da kullum.

Mai gidan da ke gina bene ɗaya ba ya buƙatar takardu masu yawa. Shafi biyu sun isa, muddin yarjejeniya ta ce ba za a biya kuɗin zuba dekin ba sai da takardar izinin zubawa mai sa hannun injiniyan da mai gida ya ɗauka da kansa, kuma wani kaso na kuɗin ya jira sakamakon kwana 28. Wanda zai sayi bene ko ya kama hayar shago a cikinsa shi ma yana iya neman ganin waɗannan takardu na kowane hawa, ya duba ko ranar sa hannu ta riga ranar zubawa ko ta biyo bayanta.